Kwana Ashirin da Takwas Ba Albashi

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zaune a ƙofar Manaja, kuma a duk tsawon shekarun nan babu takardar neman hutu da ta shiga ofishinsa ba ta fara bi ta ƙarƙashin fensirina ba. Ba dokar kamfani ba ce, ni na ɗora wa kaina, don na gaji da ganin mutum ya shiga da shafi uku ya fito da fuska a murtuke. Shi ya sa suka laƙa mini Anti Fensir, har da waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. Ban taɓa nuna sunan yana yi mini daɗi ba, amma yana yi.

Kamfaninmu na rarraba fenti ne. Ofisoshi a sama, sito a ƙasa, warin fenti kuma a ko'ina, har cikin gyalena idan na koma gida. Manaja ba mugu ba ne, mutum ne dai da ba ya karanta abin da ya wuce rabin shafi. Abu uku yake nema a takarda: yaushe za ka tafi kuma yaushe za ka dawo, me ya sa, sannan wa zai riƙe aikinka. Duk abin da ya wuce haka a wurinsa surutu ne. To ni aikina in tsame masa ukun nan, in buga su tsaf, mai takarda ya sa hannu. Ragowar, wato ainihin abin da mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa, sai in ajiye a durowar ƙasa. Bayan azahar, idan wayoyi suka yi shiru kuma fanka tana juyawa a hankali, nakan ɗauko ɗaya in karanta. Ni da ban cika fita daga garin nan ba, ta haka na je bukukuwa da yawa, na yi jinya a asibitocin da ban san ƙofarsu ba, na raka wani ɗaukar ɗansa daga makaranta mai nisa.

Ranar Laraba, huɗu ga wata, Baba Sito ya hawo bene. Wannan kaɗai abin mamaki ne, don shi ba ya hawowa sai an kira shi sau biyu. Shekara ashirin da ɗaya yana riƙe da makullin sitonmu, gajere, mai furfura, kullum da biro a maƙale a hula. Ya tsaya a gaban teburina yana murza wata takarda da ya naɗe kamar tabarma.

"Anti, ina kwana. An ce sai kin duba."

"Lafiya lau, Baba. Yau kuma kai ne da takarda? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu," ya ce. "Hutu nake so, na ba albashi."

Na buɗe fayil ɗinsa kafin in buɗe takardar, don a nan ba a ba mutum hutun da ba albashi sai hutunsa na shekara ya ƙare. Nasa ya ƙare ƙarƙaf. Bai taɓa ɗaukar sati guda a jere ba, amma ya tsinke kwanakin ɗaya bayan ɗaya, yau yini, gobe rabin yini, duk wajen kai maiɗakinsa asibitin ido. Ciwon suga ne ya taɓa mata gani. Wannan kowa ya sani, yadda aka san komai a ofis, sama-sama.

Shafi uku ya rubuto, da ƙananan baƙaƙe irin na masu cika katin kaya. Ga yadda ya fara:

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin tafiya daga Litinin mai zuwa, har zuwa lokacin da Allah ya sawwaƙe. 'Yarmu ta haihu sati uku da suka wuce. Tiyata aka yi mata, likita ya hana ta doguwar tafiya, shi ya sa mu za mu je. Gidanta yana bakin kogi. Kwana biyu ake yi a mota, sannan a shiga jirgin fito. Sau ɗaya muka taɓa zuwa. Da safe hazo yana kwanciya a kan ruwan, ba ka ganin ɗaya gaɓar, sai dai ka ji zakarun can suna cara. Maiɗakina ta ce yanzu haka duniya take mata kullum, kamar safiyar kogin nan. Amma ta ce a mafarki tana ganin komai tas, har zaren da ke jikin labule. Takan farka ta ƙi buɗe ido na ɗan lokaci don kada ya tafi."

Ya yi ta tafiya a haka. Ya faɗi yadda shi yake yi mata allurar suga safe da yamma, yadda ba ta yarda ta riƙe hannun kowa a kan titi sai nasa, yadda ta saƙa wa jaririyar hula da lalube, ta sa shi ya zaɓo mata launin zare. Ina karantawa waya tana ƙara, ina ɗagawa ina ajiyewa. Can ƙasan shafi na uku akwai layi biyu: "Likitan ido ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa. Ya ce in akwai abin da take son gani, kada mu tsaya jiran wata mai zuwa."

Ba zan yi ƙarya in ce ban ga layin ba. Na gan shi. Amma a shekara goma sha bakwai na ga irinsa ba adadi, kowa likitansa cewa yake yi yanzu-yanzu, kowa kakarsa tana bakin mutuwa, har akwai wanda kakarsa ta rasu sau uku a fayil ɗaya. Sannan ina da wata aƙida da nake taƙama da ita: fayil ba ya rufa asiri. Akawu zai karanta, na ofishin ma'aikata za su karanta, masu bincike daga hedikwata za su karanta suna shan shayi. Ciwon matar mutum ba abin shimfiɗa musu ba ne. Na ɗauki fensir.

"Baba, 'har lokacin da Allah ya sawwaƙe' ba kwanan wata ba ne. Manaja zai ce ajiye aiki kake yi a fakaice. Kwana nawa?"

"Ban sani ba, Anti. Wata biyu?"

"Kada ka soma. Duk abin da ya wuce kwana talatin sai ya tafi hedikwata, kuma can takarda tana iya yin wata guda ba a ɗaga ta ba. Ga shi in ka wuce talatin ɗin ana dakatar da katin asibitinku, kai da ka fi kowa buƙatarsa. Ashirin da takwas za mu sa. Kuma ka sani da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa, kuma kwanakin nan duka za a cire su daga albashi."

"Na sani. Na yi shiri."

"Sai ranar tafiya. Doka ta ce a ba da sanarwar sati biyu. Litinin mai zuwa tara ga wata ce, kwana biyar ke nan. Mu sa Litinin ashirin da uku."

Ya dubi kalandar da ke bayana, leɓensa yana motsi. Na ɗauka lissafi yake yi na dawowa. Sai ya ce, "To, ke kika san aikinki."

"Wa zai riƙe sito?"

Nan fa ya gyara tsayuwa. A takardarsa ya rubuta cewa wayarsa za ta kasance a kunne dare da rana, duk mai neman abu ya kira shi. Na ce masa waya ba ta riƙe makulli, ba ta sa hannu a takardar fitar da kaya. Na kawo sunan Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda ya shekara tara a ƙarƙashinsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

"Dogo?" Baba ya ce. "Dogo zai ba ɗan kwangila fari daga rukuni biyu daban, ya je ya shafa wa mutane bango ya fito rabi madara rabi toka. Fari ba ɗaya ba ne, Anti."

"To ka koya masa. Shekara tara me kake jira?"

Ni ma dai na san amsar. Mutumin da ya ga an sallami abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yakan riƙe wani abu a kansa, don ranar da aka zo rage ma'aikata a tuna ba a iya yi sai da shi. Na tausaya masa, amma ban fasa rubuta Dogo ba, tare da cewa mataimakiyar akawu za ta riƙa sa hannu na biyu a kan duk abin da zai fita, tun da wanda ke ɗaga kaya ba ya sa wa kansa hannu shi kaɗai. A wurin dalili kuwa na ja layi a kan shafi biyu da rabi na rubuta: "domin raka iyalina wata tafiya da ta shafi rashin lafiya." Layi takwas takardar ta koma. Na buga, ya sa hannu, na ji daɗin aikina.

Washegari ta fito daga wurin Manaja da jan biro a gefe. Ya amince da kwana ashirin da takwas, amma ya soke ashirin da uku ya rubuta shida ga wata mai zuwa, bayan ƙidayar kaya ta ƙarshen wata, lokacin da masu bincike za su zo. Ban ga laifinsa ba. Abin da ke gabansa tafiya ce ta iyali, kuma tafiya tana iya jira.

Da na sauka na gaya wa Baba Sito, sai ya cire biron daga hularsa, ya dube shi, ya mayar.

"Allah ya kai mu," ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya sun wuce yadda kwanakin ofis ke wucewa, ba ka sanin Talata daga Alhamis. Amma takardar Baba ta ƙi barina. Kullum bayan azahar ita nake ɗaukowa. Sai in ga kaina a cikin jirgin fiton nan, ruwa yana lasar gefen katako, hazo ya rufe gaba da baya, wata mata a kusa da ni ta rungume jaka da ƙaramar hula a ciki. Fanka tana juyawa, ni ina jin zakaru a ɗaya gaɓar. Har na fara sanin gidan, na sa masa baranda da igiyar shanya, na sa taga mai kallon gabas. Shafin farko da na biyu nake karantawa. Na uku ba shi da kogi, don haka ban cika kaiwa can ba. Ina jin daɗin labarin mutum kamar wanda aka rubuta don nishaɗina, kuma ko sau ɗaya ban ji kunya ba a lokacin.

Ranar Litinin, goma sha shida ga wata, na sauka sito don Dogo ya sa hannu a takardar yarda da riƙon aiki, wadda ya kamata a haɗa da fayil. Ban cika shiga sito da safe ba. Rufin yana da wasu falle-falle na roba mai haske, rana tana zubowa ta cikinsu a tsaye, ta sauka a kan gwangwanaye jere-jere har sama. Wuri ne shiru, sanyi-sanyi, in ka yi magana sai muryarka ta tafi can ƙarshe ta dawo. A kowace kanta an manna sabuwar takarda da rubutun Baba: lambar launi, lambar rukuni, ranar shigowa, da kibiya mai nuna wanda za a fara fitarwa. Ashe aikin da yake yi ke nan tun ranar, yana sauke shekara ashirin da ɗaya daga kansa yana mannawa a jikin katako.

Dogo ya sa hannu a kan murfin durom, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Anti, duk abin nan da yake mannawa na san shi tun tuni. Na dai bar shi ne, kada ransa ya ɓaci."

Na sami Baba a teburinsa na bakin ƙofa. Yana riƙe da katin launuka, irin dogon nan mai naɗewa da muke ba masu saye su zaɓa. Ya yanko guda goma sha biyu ya manna a kwali, manya-manya. A gefen kowanne akwai ƙananan alamomi na biro, layi-layi, kamar rajistar makaranta.

"Wannan kuma na wane ɗan kwangila ne?" na tambaya.

"Na gida ne." Ya yi ɗan murmushi. "Kullum da safe nakan zaunar da ita a bakin taga in nuna mata, ta faɗa mini. Wasa muka mai da shi. In ta ci, ni ke wanke kofuna."

"Tana ci?"

"Ranar da na kawo miki takarda ta faɗi tara daidai." Ya bi layin da yatsa. "Ran Juma'a shida. Yau da safe na nuna mata shuɗin nan ta ce baƙi. Na nuna kore, ta ce shi ma baƙi ne, wai ina yi mata wayo ina maimaita guda. Ja da ruwan ɗorawa dai har yanzu tana kama su. Huɗu ta samu."

Ya faɗe shi ne yadda zai faɗa mini adadin gwangwanin da ya rage a kanta. Na dubi kwalin, na ƙirga daga yau zuwa shida ga wata, sati uku cif.

"Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na rubuta, Anti."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi ko likita ya ba su wata takarda. Ya buɗe durowa ya ciro ambulan, ashe takardar tana hannunsa tun kafin ya hawo wurina. Ya ce ya zo da ita a aljihu ranar, da ya ga ban tambaya ba sai ya ɗauka ba a buƙata.

Ban san lokacin da na hau benen ba. Na ɗauko shafi ukun daga durowar ƙasa, da layukan fensirina a kansu, na haɗa da takardar likita, na shiga wurin Manaja ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Yana cikin duba wasu rasitai.

"Yallaɓai, minti biyar nake so. Ka karanta wannan duka, har ƙarshe."

Ya dubi kaurin takardar, ya dube ni ta saman tabarau. "Anti, ke da kanki?"

"Ni da kaina."

Ya karanta. Ban taɓa ganin ya juya shafi na biyu na wani abu ba sai ranar. Da ya kai ƙasan na uku ya tsaya, ya buɗe ambulan ɗin likita, ya koma ya sake karanta layi biyun. Sannan ya jawo fayil ya ɗora takardata mai layi takwas a gefensu.

"Wa ya cire wannan?"

"Ni ce."

"Kin san sanarwar sati biyu ba ta hau kan larurar gaggawa ba in akwai takardar likita. Ke kika buga dokar da hannunki." Bai ɗaga murya ba. "Da na ga wannan ranar, da tara ga wata ya tafi. Ƙidayar kaya ai ana yin ta da mai sito ko ba shi, in an yi miƙa aiki yadda ya kamata. Ni na ɗauka ziyara za su."

Na tsaya a gaban teburinsa. Na saba in zama mai gaskiya a ofishin nan, har na manta yadda ake tsayuwa in ba ka da ita.

"Kira mini shi, da Dogo, da mataimakiyar akawu," ya ce. "Ke kuma ki sake bugawa. Ki bar maganar likita a ciki."

Na zauna na buga, sai da na ɓata takarda biyu. Hutu ba albashi na kwana ashirin da takwas, daga Laraba goma sha takwas ga wata zuwa Talata goma sha huɗu ga wata mai zuwa, zai koma aiki Laraba goma sha biyar. Dalili: raka maiɗakinsa, wadda ganinta ke raguwa da sauri kamar yadda takardar likita da ke haɗe ta nuna, domin ta ga jikarta. Na daɗe ina kallon kalmomin ƙarshen nan, fensir yana gefen hannuna, na bar su. Riƙon aiki: Dogo zai karɓi makulli bayan ƙidayar haɗin gwiwa, mataimakiyar akawu za ta sa hannu na biyu, ba za a kira mai hutu a waya ba sai ta hannun Manaja. Wannan na ƙarshe Manaja ne ya ce a ƙara.

Ba a iya sakin sa a ranar, don mai sito ba ya miƙa makulli sai an ƙirga abin da ke bayan ƙofar, in ba haka ba duk abin da ya ɓace daga baya ba a san wuyan wa zai hau ba. Suka fara ƙirga da yammacin Litinin, suka wuni Talata suna yi. Ni ma na sauka na riƙe musu takarda, abin da ban taɓa yi ba. Dogo yana sama a kan tsani yana kiran lamba, Baba yana ƙasa yana amsawa kafin ya gama faɗa, muryoyinsu suna yawo a tsakanin kantoci. Kafin la'asar su ukun suka sa hannu. Baba ya ciro makullan daga aljihu, ya riƙe su ɗan lokaci, ya miƙa.

"Farin rukuni na bakwai kada ka haɗa shi da na tara," ya ce.

"Na ji, Baba. Allah ya kiyaye hanya. A gaida Mama."

Suka tafi Laraba da sassafe, kwana tara bayan ranar da ya nema.

Masu bincike suka zo suka tafi, ba su sami ko gwangwani ɗaya da ya ɓace ba. Ba wanda ya kira Baba, shi ma bai kira kowa ba. Ni na so in kira shi, na ɗaga waya ya fi sau goma, amma da hannuna na buga cewa ba za a kira ba. Sai na koma lissafi a zuci. Ran Alhamis na ce yanzu suna cikin mota ta biyu, maiɗakinsa ta jingina kai da gilashi. Ran Juma'a na ce sun kai bakin ruwa. Daga nan kuma sai tunanin ya tsaya mini, na kasa tsallakar da su. Duk yadda na rufe ido, jirgin yana tsakiyar kogi ne, ba ya gaba. Daga launi tara zuwa huɗu a kwana goma sha biyu. In an ƙara kwana huɗu, nawa ya rage? Na yi wannan lissafin a kan kalanda, a bayan ambulan, a cikin motar haya, kuma kullum amsar da nake samu ba ta yi mini daɗi.

Ranar Laraba goma sha biyar, ƙarfe takwas saura, na ji takunsa a bene. Dole mai dawowa daga hutu ya cika takardar komawa aiki, don a mayar da sunansa cikin albashi. Ya ɗan rame, rana ta ƙona shi. Ya ajiye mini leda da 'yar tsaraba a kan tebur, muka gaisa, na tambayi mai jego, na tambayi hanya, na tambayi jiki, na yi ta kewaye-kewaye har ya gama cika takardar ya sa hannu.

"Baba," na ce. "Ta gan ta?"

Ya zauna a kujerar baƙi, abin da bai taɓa yi ba.

"Da yamma muka isa, ta ce a bari sai da safe, ba ta so ta fara ganin ta a hasken fitila. Da gari ya waye aka fito da ita tsakar gida, aka sa mata kujera inda rana ke faɗowa. Aka sa wa yarinyar jar riga, ni na ce a sa ja. Ta ɗauke ta ta kawo ta nan," ya kai tafinsa dab da idonsa na dama, "ta yi ta juya ta a hankali, tana neman inda hasken ya fi. Muna ta jira, har uwar yarinyar ta fara kuka. Can sai ta yi dariya ta ce, 'Kai, wannan ai kunnuwanka ne ta kwaso, Allah ya sawwaƙe mata.'"

Na yi dariya, hawaye na zubo mini. "Alhamdu lillahi. Ashe ta gani."

Bai yi dariyar ba. Yana kallon hannuwansa.

"Hular da ta saƙa tana kan yarinyar, Anti. Ta rufe kunnuwan."

Na share hawayena, na dube shi.

"Wataƙila ta gani ta gefe," ya ce. "Wataƙila hular ta ɗan zame ban lura ba, ni ma idona ya cika a lokacin. Ko kuma ta ji su da yatsa. Ta ce ta gani, ni kuma ban tambaye ta sau biyu ba. Kullum da safe sai ta sa a kawo mata ita wurin ranar, har muka taho."

"Da kun tafi ran tara ga wata..." na fara.

"Ban sani ba," ya ce. "Na yi wannan tunanin a jirgi, da zuwa da dawowa. Ban sani ba."

Na jira ya ce ba komai, ko ya ce haka Allah ya rubuta, abin da kowa ke faɗa don a samu a tashi. Bai faɗa ba. Ya miƙe, ya tura mini takardar komawa aikin, ya nuna wurin kwanan wata da yatsa.

"Duba mini nan, na rubuta daidai?"

Na duba. Daidai ne. Na buga hatimi, ya yi mini godiya, ya sauka karɓar makullansa wurin Dogo.